Matar uba da 'ya'yan miji: matakan shekarar farko a gida ɗaya

Tambayar yadda matar uba da 'ya'yan miji za su zauna lafiya a gida ɗaya ta bakin mutum biyu take yawan zuwa. Amarya ta ce ta yi iya yinta, ta dafa, ta wanke, ta yi kyauta, amma yaran ko kallon arziki ba sa yi mata. Uban yara kuma ya ce ya rasa inda zai sa kansa: in ya goyi bayan mata yara su ɗaure fuska, in ya goyi bayan yara mata ta haɗe rai. A mafi yawan gidajen nan babu mugu ko ɗaya. An fara ne da abin da ya kamata ya zo ƙarshe, wato an miƙa wa matar uba tsawatarwa da hukunci tun yaran ba su san ta ba.

A san tsawon tafiyar tun yanzu. Patricia Papernow, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka da ta daɗe tana nazarin irin waɗannan gidaje, ta nuna cewa iyalin da suka yi sauri sukan ɗauki kusan shekara 4 kafin su zauna daram, matsakaita kuma wajen shekara 7. Binciken James Bray, shi ma masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna shekaru 2 na farko su ne mafiya wuya. Don haka wata uku na ɗari-ɗari ba ya nufin auren ya samu matsala.

Za mu bi gida ɗaya a matsayin misali. Uba ne mai 'ya'ya uku: babbar mace ce mai shekara 13, na tsakiya namiji mai shekara 9, sai auta mai shekara 4. Uban ya rabu da mahaifiyarsu shekara biyu da suka wuce, yaran suna hannunsa, suna zuwa wurin uwarsu ƙarshen mako sau biyu a wata.

1. Uba ya gaya wa yara da bakinsa

Kafin amarya ta tare da makonni, uba ya zaunar da yaransa, shi kaɗai, ba tare da ita ba. Kada su ji labarin a bakin dangi ko maƙwabta. Abin da suke son ji uku ne: yaushe za ta zo, me zai canja, me ba zai canja ba. Na ukun ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Ya faɗa musu dalla-dalla cewa ɗakinsu yana nan nasu, makarantarsu tana nan, zuwa wurin mahaifiyarsu yana nan yadda yake.

Babbar a ware ta a yi mata magana ita kaɗai, domin ita za ta fi jin abin. Shekara biyu ke nan ita ce mai shirya ƙanne da safe, ita uban ke tambaya ina kaza yake. Zuwan amarya zai karɓe mata wannan matsayi, ita kuwa ba za ta iya faɗin haka da baki ba. Yaran da ke tsakanin shekara 10 zuwa 14 su suka fi wahalar karɓar sabon aure, kuma sau da yawa mata sun fi maza.

Gargaɗi: kada a ce "na kawo muku sabuwar uwa". Yaron da ke da uwa zai ji kamar an ce ya zubar da tasa. A ce, "Matata ce, za ta zauna tare da mu. Ba ta zo maye gurbin mamanku ba." Kada kuma a tambaye su ko sun yarda, tunda ba za a fasa ba in sun ce a'a. A tambaye su abin da ke damunsu game da zuwan nata.

In da hali, su haɗu da ita sau biyu ko uku kafin tarewa, gajeren zama na awa ɗaya, ana wani abu tare, ba a zauna ana kallon juna ba.

2. Miji da mata su raba aiki tun kafin rigima ta farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna ku biyu da takarda da biro, ku fitar da dokokin gida guda huɗu ko biyar, kada su wuce haka. A gidan misalinmu sun tsaya a kan waɗannan: a gaisa da safe da dare, babu zagi babu duka, kowa ya ɗauke kwanon da ya ci abinci, a ajiye waya ƙarfe 9 na dare, a ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga ɗakin wani. Uku daga ciki dama ana bin su kafin amarya ta zo, kuma haka ya kamata ya kasance. Dokar da ta shigo rana ɗaya da amarya sunanta dokar amarya, ko da uban ne ya kafa ta.

Uba ne zai sanar da dokokin, da bakinsa, tana zaune a wurin. Ya ƙara da cewa, "In ba na nan, ita ce babba a gidan nan. Abin da ta tunatar da ku, ni na faɗa." Hukunci kuwa nasa ne shi kaɗai a wannan zangon. Matar uba ta tunatar, ta kai rahoto, uba ya yanke. Matsayinta kamar na gwaggon da aka bar wa yara ne na yini guda: ana jin maganarta saboda wanda ya bar mata su.

Dalilin a fili yake. Yaro yana haƙuri da faɗan wanda ya tabbata yana ƙaunarsa. Uban ya yi shekara 13 yana tara wannan yardar, amarya ko mako ba ta yi ba. In ta yi faɗa da irin muryar da uban ke yi, yaro ba ya jin gyara, ƙiyayya yake ji.

Gargaɗi ga uba: nan ne maza suka fi zamewa. Mutum ya gaji da renon yara shi kaɗai, amarya na shigowa sai ya sauke mata komai, ya koma fita da sassafe dawowa da dare. Wanda ya yi haka ya mai da matarsa 'yar sandan gidan, kuma shi ya shuka rigimar da zai dawo yana raba wa. Gargaɗi gare ta: kada hannunki ya taɓa ɗan miji da sunan horo, komai abin da ya yi.

3. Sunan da za a kira ta

A bar wa yara zaɓi cikin sunayen girmamawa da kuka amince da su. Anti ya wadatar. Kada a tilasta "Mama" ko "Umma", musamman in da shi suke kiran mahaifiyarsu. Auta na iya fara cewa Mama da kansa bayan wata biyu, babbar kuma ta tsaya kan Anti har ta yi aure. Duka daidai ne. In babbar ta harari auta don ya ce Mama, uban ya gaya mata a gefe cewa kowa da bakinsa.

4. Watanni uku na farko, a taɓa gidan a hankali

Amarya tana da haƙƙin ta ji gidan nata ne, don haka ɗakinta nata ne, ta shirya shi yadda take so, yara kuma su ƙwanƙwasa. Sauran gidan kuwa a bi shi sannu. Canji ɗaya a lokaci guda, a kuma sanar kafin a yi. Yaron da ya dawo daga makaranta ya tarar an juya falo, an sauya labule, an kwashe kofin da yake shan shayi da shi, zai ji an kore shi daga gidansu alhali yana ciki.

Kayan mahaifiyarsu da hotunanta ba na amarya ba ne ta taɓa. Uba ya tattara su tare da yaran, a samo akwati ko durowa a ɗakinsu, hoto kuma ya zauna a ɗakin yara in suna so. In rasuwa ta yi, wannan matakin ya fi nauyi: a bar sunanta ya riƙa fitowa a hira ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Matar uban da ta iya cewa, "Yaya mamanku take yi muku wannan?" ta gama rabin aikin.

Abinci ma haka. In na tsakiya ya ture kwano ya ce ba haka ake yi ba, ba girkin yake zagi ba, kewar abin da ya saba yake yi. A tambaye shi yadda ya saba ci, a riƙa yi masa irinsa jefi-jefi. Amma ba a buɗe masa tukunya ta daban kullum ba.

5. A rage zaman taro, a yawaita zaman mutum biyu

Mutane sukan ɗauka yawan zama gaba ɗaya shi ke haɗa kai. A sabon gida akasin haka ke faruwa. Duk lokacin da aka taru, dole wani ya zama bare: in uba ya juya ga yara suna tuna tsohon labari, amarya ta zama baƙuwa, in ya juya gare ta, yara su ji an ƙwace musu uba. Shi kuma yana tsakiya ana jan sa ta ko'ina. Maganin shi ne a rarraba zaman.

Uba ya ware wa kowane yaro lokaci nasa shi kaɗai, ko da minti 20 ne sau biyu a mako, a rana sananniya da yaro zai iya dogara da ita. A rubuta a kalandar bango in ana mantuwa. Amarya ta ba su wuri da zuciya ɗaya, domin yaron da ya ƙoshi da ubansa ba ya faɗa da matar uba a kansa. Wannan ne kuɗin da aikin ke ci: ba kyauta mai tsada ba, sa'o'in uba.

Ita kuma ta nemi nata lokacin da kowane yaro, amma a kan wani aiki, kafaɗa da kafaɗa, ba zaman "zo mu yi hira" ba. Ta fara da wanda ya fi sakin jiki. A gidanmu auta ne: wanka, tatsuniya kafin barci, ɗaura igiyar takalmi. Na tsakiya yana son gyaran kekensa, sai ta riƙe masa sitiyari yana ɗaure sarƙa, tana tambayarsa sunan kowane ƙarfe. Yaro yana son a ce shi ya iya, babba bai iya ba. Babbar kuwa kada a bi ta. A gaishe ta, a yi mata tayi sau ɗaya, "Zan fita sayayya, in kina so mu je," in ta ce a'a a ce to, a sake tayi wani makon ba tare da gori ba.

Gargaɗi: kyauta ba ta sayen yaro mai shekara 13, tana gane manufar tun kafin a buɗe leda. In kuma amarya ta zo da nata ɗan, duk abin da za a saya wa yara a saya a fili, da ma'auni ɗaya. Yara suna lissafin tsokar nama da sabon takalmi fiye da yadda manya ke zato.

Miji da mata ma su ware nasu minti 15 kowane dare, ƙofa a rufe, don maganar yara. Duk saɓanin da ke tsakaninsu kan tarbiyya a nan zai tsaya, ba a gaban yara ba.

6. Ranar da za a ce "ke ba uwata ba ce"

Ranar tana zuwa, gara a shirya mata. A gidanmu ta zo a mako na bakwai. Uban ya yi tafiyar kwana ɗaya, ƙarfe 9 da rabi babbar tana kwance tana latsa waya. Amarya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Lokacin ajiye waya ya wuce." Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke ba uwata ba ce da za ki gaya min abin da zan yi."

Abu uku ne ba a yi a nan: ba a fizge wayar, ba a jero alherin da aka yi mata, ba a kira uban a waya a gabanta ana kuka. Amsar gajeriya ce, da murya ƙasa: "Gaskiyarki, ni ba mamanki ba ce, kina da taki. Dokar Babanku ce, kuma yau ni ya bar wa gidan." Ta faɗa sau ɗaya ta bar wurin. In yarinyar ta ajiye wayar bayan minti goma tana ƙunƙuni, an yi nasara, a ƙyale ƙunƙunin. In ba ta ajiye ba, a bar maganar sai uban ya dawo. Daren waya guda bai kai a yi kokawa a kansa ba.

Rahoton ma da yadda ake kai shi. "'Yarka ba ta da kunya" zai sa uba ya tashi kare 'yarsa ko da ya san ta yi laifi. A faɗi abin da ya faru kawai: ƙarfe nawa, me aka ce, me ta amsa. Shi kuma ya fara da matarsa kafin ya je ga 'yarsa: "Na san abin ya yi miki zafi, bar min shi." Kada ya ce "ai yarinya ce, ki yi haƙuri" ya juya ya kwanta, domin wannan kalmar ce ke tara wa mata ciwon da ke fashewa bayan shekara.

Washegari ya sami yarinyar ita kaɗai. Ya fara da tambaya, "Me ya faru jiya?" ya saurara har ta gama. Wataƙila a nan zai ji cewa da mamanta take hira a wayar, wanda ya canja fuskar maganar. Sannan ya ce, "Ban ce dole ki so ta ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Amma gaisuwa da magana mai kyau dole ne a gidan nan. Yau wayar za ta kwana a wurina, gobe ki karɓa. Hira da mamanki kuma mu mai da ita ƙarfe 8." Hukuncin ƙarami ne, na kwana ɗaya, kuma daga bakinsa ya fito. Kada a jawo ta gaban amarya a ce ta durƙusa ta ba da haƙuri. Haƙurin da aka matso da ƙarfi ƙiyayya yake haifarwa. In ta zo da kanta bayan kwana biyu ta ce "Anti, sannu da aiki," a karɓa a matsayin ban haƙurin.

7. Mahaifiyar yara

Akwai abin da ke ɗaure wa matan uba kai: sai a yi mako ana dariya da yaro, ya je wurin uwarsa ya dawo kamar bai taɓa ganin ki ba. Ba lallai an zuga shi ba ne. Yaro yakan ji cewa in ya so matar ubansa ya ci amanar uwarsa, kuma sau da yawa wanda ya fara sonki shi ya fi janyewa. A ba shi awa biyu ko uku ranar da ya dawo, babu tambaya babu aike, ya huce. Kada a yi masa binciken me aka ce, me aka ci, wa ya zo.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a aibanta mahaifiyar yara a inda za su ji, ko a waya, ko da habaici, ko da ita tana yi. Duk wata magana ta kuɗin makaranta, asibiti da ranakun ziyara tsakanin uba da ita ce, kada amarya ta zama 'yar saƙo, kada yara su zama. Uba kuma ya buɗe wa yaron ƙofa da kalma ɗaya: "Son Anti ba ya rage wa mamanka komai." Dangin uba da na uwa masu tambayar yaro "tana ba ka abinci kuwa?" uban ne zai taka musu burki, ba ita ba.

8. Miƙa iko kaɗan-kaɗan

Ba a kallon kalanda a wannan mataki, yaron ake kallo. Alamun su ne ya fara kawo mata ƙarar ƙaninsa, ya nemi izininta ko da uban yana gida, ya ba ta labarin makaranta ba a tambaye shi ba, ko ya nufo ta in ya ji ciwo. Auta na iya kaiwa nan cikin 'yan watanni, na tsakiya wataƙila bayan shekara. Daga nan ta fara da ƙananan abubuwa, kamar kashe talabijin ko tura yaro ya gama aikin makaranta, manyan hukunce-hukunce suna nan wurin uba. In ta gwada aka samu turjiya mai ƙarfi, ta koma baya taki ɗaya ta jira.

Babbar mai yiwuwa ba za ta taɓa karɓar hukunci daga hannunta ba, kuma ba asara ba ce. In aka kai inda suna gaisawa, suna aiki a kicin ɗaya, yarinyar tana iya neman shawararta kan abin da take jin nauyin gaya wa uba, dangantakar ta yi aiki. In ciki ya samu a wannan zangon, uba ya sanar da yaran da kansa kafin ya fito, kuma lokacinsu na minti 20 kada ya mutu ranar da jariri ya iso.

9. Yaushe za a nemo taimako daga waje

Fushi, shiru da ƙunƙuni na watannin farko ba abin tsoro ba ne. Abin da ke buƙatar likita ko ƙwararren mai ba iyali shawara shi ne canjin da ya wuce makonni bai sassauta ba: yaro ya daina ci ko barci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, karatunsa ya faɗi warwas, ya fara gudu daga gida. Maganar kashe kai ko yi wa kai rauni kuwa ba a jira da ita ko kwana ɗaya. A tambayi mai ba da shawarar ko ya saba aiki da gidajen da aka yi sabon aure da yara, domin shawarar da ta dace da iyayen da suka haifi yara tare, irin su "ku haɗa kai ku tsawatar", tana iya ɓata wannan gidan.

In yaro ya ce ana dukansa ko ana hana shi abinci in uba ba ya nan, uba ya saurara, ya duba jikin yaron, ya riƙa dawowa gida a lokacin da ba a zata ba, kada ya ƙaryata shi a take, kada kuma ya yanke wa matarsa hukunci kafin ya ji ta bakinta. Haka in ita ce ta ce babban yaro yana yi mata barazana ko ya ɗaga mata hannu. A duka biyun, a hana su zama su biyu kaɗai a gida har sai an gano gaskiyar maganar.